Takardar darasin aiki: ELISA irin sanwici da layin ma'auni

Ku karanta wannan kafin ku shigo ɗakin gwaji ranar Talata. Za mu auna yawan IL-6, furotin da ke ƙaruwa a jini idan akwai kumburi a jiki, a cikin ruwan jinin da muka ajiye a firiza.

Hanyar ELISA, wato auna furotin ta amfani da antibodi da enzayim mai fitar da launi, ta fito a 1971 daga hannun Eva Engvall da Peter Perlmann a Sitokholam. Nau'in da za mu yi, antibodi biyu ne ke kama furotin ɗaya, kowanne a gefensa daban, kamar ƙwai tsakanin yankan burodi biyu. Na farko yana manne a gindin ramukan faranti mai rami 96, sauran filin kuma an toshe shi da BSA, wani furotin na jinin shanu, don kada wani abu ya liƙe inda bai kamata ba. Idan kun zuba samfuri, antibodin farkon nan ne zai cafke IL-6 ya bar sauran, sai ku wanke. Daga nan ku zuba antibodi na biyu, wanda ke ɗauke da enzayim HRP, ya hau kan abin da aka kama, ku sake wankewa. Sai ku zuba TMB, sinadarin da enzayim ke aiki a kansa, yana shiga enzayim ya mayar da shi shuɗi. Ruwan asid ya tsayar da aikin, launin ya koma rawaya, na'ura ta karanta a 450 nm. Inda IL-6 ya fi yawa, nan launi ya fi kauri. Tun da sai antibodi biyu sun gane abu ɗaya kafin launi ya fito, da wuya wani furotin ya yaudare mu.

Wanki shi ne inda ɗalibai suka fi yin sakaci, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Antibodi na biyu kaɗan da ya maƙale a rami ya isa ya rina shi ko babu IL-6 ko ɗigo.

Lambar da na'ura ke bayarwa, wadda za ku gani a matsayin OD, kaurin launi ce kawai, ba yawan furotin ba. Kafin ta yi ma'ana sai an gwada ta da samfuran da muka riga muka san yawansu. Ku fara da 500 pg/ml, ku riƙa rabawa biyu har ku samu mataki bakwai, ku ƙara ramin da babu komai sai ruwan sirki. Kowanne rami biyu, kuma a kan farantin da samfuranku suke. Idan aka zana OD ɗinsu a kan yawansu, shi ne layin ma'auni. Layin jiya ba ya aiki yau, domin zafin ɗaki da ɗan bambancin mintuna suna canza saurin enzayim, balle a wannan lokaci na bazara.

Ga misali don gwaji, bayan an cire lambar ramin da babu komai:

```
pg/ml   OD
7.8     0.05
15.6    0.10
31.3    0.19
62.5    0.37
125     0.70
250     1.25
500     2.00
```

Ku lura da ƙarshen jerin: daga 250 zuwa 500 yawan ya ninka, amma OD bai ninka ba. Wuraren kamawa sun fara cika, layin ya fara kwanciya. Shi ya sa bai dace a ja miƙaƙƙen layi ɗaya a ratsa duka ba. A manhajar na'urar ku zaɓi 4PL, lissafin lanƙwasasshen layi, inda y shi ne OD, x yawan furotin, a, b, c da d kuma manhaja ce ke fitar da su:

```
y = d + (a - d) / (1 + (x/c)^b)
```

Amma ina so kowa ya iya lissafin da hannu tukuna. A ce an sirka samfuri, kashi ɗaya cikin huɗu, ramukansa suka ba da 0.63 da 0.59. Matsakaicinsu 0.61. Ramin da babu komai ya ba da 0.06, saura 0.55. Wannan ya faɗa tsakanin 0.37 da 0.70, inda tazarar ba ta da yawa, don haka za mu iya ɗaukar wannan ɗan yankin a matsayin miƙaƙƙe:

```
62.5 + (0.55 - 0.37) / (0.70 - 0.37) × 62.5 = 96.6
96.6 × 4 = 386 pg/ml
```

Kada ku manta ninkawa da 4 ɗin nan, 96.6 na ruwan da ke cikin rami ne, 386 shi ne na jinin. Manhaja za ta ba da lamba kusa da wannan, ko da ba daidai cif ba.

Samfurin da OD ɗinsa ya wuce 2.00, kada ku ja layi gaba da hasashe. Ku ƙara sirka shi ku maimaita. Wanda ya gaza 0.05 kuwa, ku rubuta cewa yana ƙasa da 7.8 pg/ml a rami, ba sifiri ba. Idan ramuka biyu na samfuri ɗaya suka yi nisa da juna, ku duba kumfa ko kuskuren zubawa, ku kira ni kafin ku ɗauki matsakaici. Ku fitar da kayan daga firji rabin sa'a kafin mu fara, TMB kuma ya zauna a rufe, nesa da haske.