Taswirar Malam Ɗanladi

A tashar mota ta Njamena Malam Ɗanladi ya fara warware ta a gaban mutane. Takarda ce da ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma, an lilliƙe gaɓoɓinta da ƙaro. Ya ɗora yatsa ya tambayi yaron mota: "Ɗana, saura nawa mu kai Fort-Lamy?"

Yaron bai taɓa jin sunan ba. Wani dattijo mai sayar da goro ne ya ɗago kai. "Ai a cikinta kake tsaye, Malam. Tun 1973 aka sauya mata suna. Daga ina?"

"Daga Wad Madani."

Shekararsa tara lokacin da ya bi mahaifinsa hanyar Makka a 1964, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan babbar mota. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira da niyyar shekara ɗaya. Can uban ya rasu, can Ɗanladi ya yi furfura. Da yaƙin 2023 ya iso garinsu, ya fito da taguwa biyu da carbi da wannan taswira.

Suka haye gada zuwa garin da takardarsa ta kira Fort-Foureau, allon bakin hanya kuma ya ce Kusuri. Daga can sai Gamboru. Arewa da hanya, taswirar ta zuba shuɗi mai faɗin tafin hannu, Tafkin Chadi ke nan, kuma yana tuna kifin banda da ake lodawa buhu-buhu. Wata mata da ke kusa da shi, 'yar Baga, ta leƙa ta girgiza kai. "Baba, inda ka ga shuɗin nan, wani wurin masara da wake muka noma. Ruwa ya ja baya tun ina goyo."

A hanyar Kano aka riƙa miƙa takardar daga hannu zuwa hannu. Wani malamin makaranta ya riƙe ta ya ƙi saki, yana karantawa da ƙarfi. Jihar Arewa guda ɗaya, ba a yanka ta ba. Dahomey. Haute-Volta. Lardin Sardauna, siriri, kwance a kan iyakar Kamaru.

"Wannan lardin," in ji shi, "Jihar Arewa maso Gabas ta haɗiye shi a 1967, Gongola ta karɓa a 1976. Ita ma Gongolar an raba ta a 1991, Adamawa da Taraba. A Gongola aka haife ni, Baba, yau 'ya'yana ba su san sunan ba. Kai ina za ka?"

Malam Ɗanladi ya nuna wani ɗigon tawada a bakin Kogin Kwara, cikin Lardin Ilori. Ubansa ne ya ɗiga shi da alƙalamin kara. "Busa. Fatauci ya kai babana. Can aka binne mahaifiyata, gabas da masallaci, gindin wata tsamiya."

Malamin ya buɗe baki, ya sake rufewa. Ya ninke takardar a hankali, bisa tsohon ninkinta, ya miƙa masa da hannu biyu.

Sai a Kontagora wani direba ya faɗa masa kai tsaye. An datse kogin a Kainji, ruwa ya taru a 1968 ya shanye tsohuwar Busa, aka kwashe mutane zuwa sabon gari. Kuma yanzu wurin Jihar Neja ne.

Kwana biyu yana tambaya a Sabuwar Busa kafin a haɗa shi da wani tsohon masunci wanda shi ma a tsohon garin aka yanke masa cibi. Suka fita da asuba a kwalekwale mai inji, jikan masuncin na tuƙi. Tafiya mai nisa, ruwa ta ko'ina, gaɓa ta zama zare. Can tsohon ya dubi wani dutse a yamma, ya dubi wani tudu a gabas, ya ɗaga hannu. Yaron ya kashe inji.

"Nan ne, Malam. Nan komarmu ke maƙalewa a kututturan itatuwa. Masallaci yana wajen can, tsamiyoyin kuwa sun fi goma, ban san wacce ce taku ba."

Malam Ɗanladi ya shimfiɗa taswirar a cinyarsa, iska na kaɗa gefenta. Wurin fari fat ne a takarda, sai siririn layin kogi da ɗigon ubansa. Ya sa hannu ya ɗebi ruwan, ya yi alwala. Ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ya kira sunanta, Hajara, ya roƙa mata gafara. Masuncin da jikansa suka shafa tare da shi.

Da suka juya, yaron ya ce, "Baba, a waya akwai sabuwar taswira, in kana so in nuna maka."

"Akwai Busa a ciki?"

"Akwai sabuwar."

"To bar ta tukuna," in ji Malam Ɗanladi. "Matso ka ga inda aka haifi kakanka."