Saƙon Baba ga Abba, ranar cika shekara 16

Assalamu alaikum, Abba.

Da fatan ka tashi lafiya, ya karatu, ya mutanen gidan Baffanka? Mu nan gida kowa lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yau 14 ga Oktoba, ka cika shekara 16. Ni dai ka san a zamaninmu ba a lissafin irin wannan rana, sai dai a ce an haifi wane shekarar fari ko shekarar ambaliya. Innarka ce ta tuna min tun da asuba, ta ce lallai in rubuto maka. Na san wayar nan ba kai kaɗai ke latsa ta ba, don haka ka kwantar da hankalinka, ba zan fasa ƙwai ba. Labaran yarintarka suna nan a ajiye wurin Hajiya, ita za ka lallaba. Abokanka da ke leƙowa ta bayan kafaɗarka kuma, ina gaishe su da kyau.

Abin da nake son faɗa maka game da daminar bana ne. Lokacin da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, kai ka ɗaura wa shanu garma, ka gama huɗar gonar gabas, ka zagaya ta riɗi, ba wanda ya tashe ka kuma ba wanda ya bi ka. Da na samu sauƙi na je na duba kunyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sun miƙe sosai. Maƙwabcinmu na gona har tambayata ya yi ko ɗan ƙwadago na ɗauko daga wani gari, na ce a'a, na gida ne. Ban ce maka komai ba a lokacin, ka san halina, amma na gani. Na kuma ga yadda kake zaunar da Ummi bayan magariba kana bi da ita lissafi, ko da tana ta kukan barci. Wannan zangon ita ta zo ta uku a ajinsu, tana ta yawo da takardar tana nuna wa mutane, wai ita kaɗai ta yi abinta.

An yanke gero, ya yi kyau, riɗin ma yana tsaye a gona yana shan iska kafin a kaɗe. A cikinsa akwai rabonka, don guminka ne. Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari na saya maka 'yar tunkiya, fara mai baƙin kai. Taka ce halak malak. Sani zai riƙa yi mata harawa har ka dawo hutu, ya ce sai ka biya shi ladan kiwo, wannan kuma tsakaninku. Na tura 'yan kuɗi ta wurin mai POS na bakin tasha zuwa asusun Baffanka, ka karɓa ka sayi takalmin da ka ce, ragowar ku sha shayi da ƙwai kai da abokanka. Innarka ta ba direban motar Gumel ƙulli: ƙuli-ƙuli, yaji da dambun nama. Ta ce ka miƙa wa matar Baffanka tukuna kafin ka buɗe.

Nasiha ba zan tsawaita ba, kana jin ta kullum. Ka riƙe salla a kan lokaci. Baɗi war haka kana aji na ƙarshe, WAEC da NECO da JAMB na gabanka, kuma wanda zai je sama ya taka faifai ai ya yi ƙoƙari, amma ni nafi son ka fara shiri tun yanzu. Maganar da ka yi min ta karatun aikin gona a jami'a ban manta ba. Na yi shiru ne ina lissafi. Ka kawo sakamako, sauran ka bar mana ni da Allah.

In wani abu ya dame ka, na makaranta ne ko na aljihu ko wanda ba ka son Baffanka ya ji, ka yi min filashin, zan kira. Ba sai ka jira ya yi girma ba.

Allah ya yi maka albarka, Abba. Allah ya raya ka a kan Musulunci, ya haɗa ka da abokai na gari, ya tsare ka daga sharrin zamani, ya ba ka ilimi mai amfani. Allah ya jiƙan mai sunanka. Ni da Innarka mun yarda da kai.

Ka kira Hajiya bayan la'asar, tun jiya take tambaya, kuma ka ɗaga murya don kunnen ya ƙara nauyi.

Babanka.