Hoton rigar Alhaji Babba, kamar yadda na gan shi

Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Kun ce tunda ido ya yi rauni, in zauna in faɗa muku abin da ke cikin hoton da Yaya Hadiza ta aiko daga Zariya, kada in tsallake komai. To ga shi, sai Sani ya karanta muku a hankali.

An shimfiɗa rigar a kan farin zanen gado, an baza hannayenta biyu, har faɗinta ya fi tsawonta nesa ba kusa ba. Hasken hantsi ne, yana shigowa ta gefe guda, shi ya sa duk inda zare ya yi tudu sai ka ga 'yar inuwa a bayansa.

Daga nesa za ka rantse rigar toka-toka ce mai duhu. Sai da na buɗa hoton sosai na ga ashe saƙi ce: zaren da ya sha baba har ya kusa zama baƙi, an saƙa shi da farin zare, suna gilma juna, sun bar ƙananan ɗigo kamar gashin zabuwa. Ba a saƙa ta da faɗi ba. Sirara-sirara aka yi, kowace ba ta wuce faɗin yatsa biyu ba, aka bi su da allura aka harhaɗa, kuma layin haɗin yana nan tsaye daga kafaɗa zuwa ƙasa. A kafaɗun shuɗin ya koɗe ya yi haske, daidai inda marigayi yake naɗe hannun riga. Nan na fi daɗewa ina kallo.

Aikin kuwa da zaren tsamiya aka yi shi. Ba fari fat ba ne, ya fi kama da madarar da aka ɗiga wa shayi, kuma ba ya ƙyalli irin na zaren kanti. A kan duhun saƙin nan sai ya fito sarai, ba tare da ya kashe ido ba.

Nauyin aikin duk yana ƙirjin hagu na mai sawa, wato dama ga mai kallon hoto, a kan babban aljihun. Aska takwas ce, na ƙirga sau biyu. Biyar sun sauko daga bakin aljihu, tsininsu na kallon ƙasa, biyu na kusa da wuya sun fi sauran tsawo. Ukun da suka rage suna kwance a sama wajen kafaɗa. An cike cikin kowace aska da ɗinki mai yawa, babu inda ƙyallen ke leƙowa, amma tsakanin aska da aska an bar saƙin a fili, sai duhun ma ya zama wasu asake masu kallon sama. Mai wannan aiki ya san inda zai tsayar da allura, kuma a wurina gwanintarsa ta fi fitowa a wuraren da ya bari.

Ƙasa da asaken akwai gidan biyar, murabba'i ne da aka raba gida-gida, an cike gidajen da ƙananan huji masu zagayen zare, kamar saƙar zuma. Kusa da shi ga dagi, zare ɗaya yana shiga yana fita ba ka ganin farkonsa. Wani dogon layi ya kewaye su duka, ya hau kafaɗa ya ɓace ta baya.

Sai ɗaya ƙirjin, na dama. Kusan fili ne, in ban da tambari guda ɗaya: da'ira mai faɗin faifai, layinta ya yi ta nannaɗewa zuwa ciki har ya tarar da wani ɗan murabba'i a tsakiya. Da farko na ɗauka rigar ta karkata gefe guda, aiki ya yi wa hagu yawa. Da na ƙara dubawa sai na ga tambarin nan shi kaɗai ya riƙe ɗaya ɓangaren. Can tsini da kusurwa, nan zagaye. Ido yana gama yawo a aljihu sai ya tsallako ya huta a kansa.

A kusurwar ƙasa Yaya ta ɗan naɗe bakin rigar don a ga shafin. Alharini ne ja mai ratsin shunayya, irin wanda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Shi ne kaɗai launi mai zafi a hoton duka, kuma an ɓoye shi a ciki, sai mai riga ya taka ko ya ɗaga hannu a hango shi.

Akwai lahani biyu. Tsinin aska ta uku ya warware kaɗan, zaren ya yi gashi. Sannan a bakin aljihu akwai wani ɗan tabo ja-ja-ja, girman ƙwayar gero uku, wanda nake zaton goro ne.

Bayan rigar bai fito a hoton ba. Na roƙi Yaya ta juya ta ta ɗauko mana ranar Juma'a, don mu ga ko tambarin bayan da kuke ba mu labari yana nan lafiya.