Sanarwa ga kwastomominmu: in batirin waya ya kumbura

Salam jama'a, barkanmu da warhaka. Ni ne mai gyaran waya na Farm Centre, wannan saƙon dole ta sa na rubuta shi saboda satin nan kaɗai wayoyi huɗu aka kawo min batirinsu ya yi ciki, ɗaya ma wani bawan Allah ɗaure ta ya yi da kyauro wai don sikirin ya koma mazauninsa, yana ci gaba da caji a haka kusan wata guda. Haba Alhaji!

In ka ga murfin baya ya ɗaga, ko sikirin ya fara rabuwa da jikin wayar, ko ka ajiye ta a tebur tana lilo, to batirin ne ya kumbura. Iskar gas ce ta taru a ciki saboda sinadarin batirin ya lalace, kuma ba ya saɓewa ya koma daidai, sai dai canji. Zafi ne babban mai jawo shi, wayar da ake bari a mota cikin ranar Afrilu ko a ƙarƙashin filo tana caji, sai cajar bogi da kuma tsufa, batirin da ya shekara biyu zuwa uku dama ya fara gajiya.

Cire ta daga caji nan take, ka kashe ta in tana kunne. Kar ka danna, kar ka tsira masa allura wai iska ta fita, wallahi wuta zai kama a hannunka. Kar a sa a firiza. Ajiye ta a siminti ko cikin gwangwani mai yashi, nesa da katifa da jarkar fetur ɗin janareta da yara. In kun ji wani wari kamar na maganin goge farce ko ta fara hayaƙi, ku matsa, hayaƙin guba ne. Ko Samsung sai da suka janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya a 2016 saboda batirinta yana kamawa da wuta.

Sai masu cewa caji yana 40% kawai ya zube zuwa 2% wayar ta mutu ta ƙi tashi. Fara duba jikinta tukuna. In babu kumburi babu zafi, sa mata caja mai kyau da wani kebul ɗin daban ka bar ta minti 30, don batirin da ya sauka ƙasa sosai ba ya nuna komai da farko, sannan ka danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare kamar sakan 15, yawancin Android haka suke farfaɗowa. Ta ƙi? Kawo ta mu auna, wani lokacin bakin caji ne ya cika da ƙura, wani lokacin kuma matsalar a bod take, wato injin cikin wayar.

Mai kumburin kuma don Allah kar a sako ta a aljihun wando a hau adaidaita, a sa ta a kwali a riƙo a hannu. Tsohon batirin ku bar mana shi a shago, kar a jefa a bola inda ake cinna wuta.