Lissafin kuɗin ginin ɗakin Inna

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin Agadas? Inna na gaishe ka, ƙafar kuma da sauƙi. Ga lissafin ɗakin da ka ce in yi. Jiya na yini a Kasuwar Dole ina tambayar farashi, da yamma kuma muka auna wurin da maginin da ya yi mana katanga. Duk kuɗin da sefa na rubuta.

Ɗakin mita 4 ne kan mita 4, tsayi mita 3. Za mu jingina shi da ɗakinka, tunda wannan bangon na siminti ne, saboda haka bango uku kawai za a tayar. Inna ta so a yi na ƙasa don ya fi sanyi, kuma gaskiyarta. Na tuna mata daminar 2024, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni, balle kwanarmu da ruwa ke kwanciya. Ta ce to.

In fara da bulo, don nan ne aka fi cutar mai gini. Muna buƙatar mai rami na santi 15 guda 480, har da layi biyu na saman rufi da rarar wanda zai fashe, sai cikakke guda 100 na tushe. In za mu sayi bugagge, mai rami 250 ne, cikakke 350, ka ga 155,000 ke nan, dako kuma 14,500. Ban ba da shawarar haka ba. Masu bugawa don sayarwa sukan ja buhu ɗaya ya ba su bulo 45 ko fiye, ka ɗauka da hannu gefensa na zuba kamar gari. Mu za mu buga a ƙofar gida: buhu ɗaya bulo 32 mai rami, ko 20 cikakke. Buhu 20 ke nan, tan ɗaya cif. Mai bugu yana karɓar 750 kan kowane buhu, to ka san zai so buhu ya ƙare da wuri, mai sayarwa kuma so yake buhu ya daɗe. Ni zan zauna in ƙirga da kaina. Bayan bugu a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, kuma kada a ɗora shi kan gini sai ya yi kamar sati uku.

Sauran siminti: buhu 11 na kankaren tushe da ginshiƙai huɗu da ɗamara biyu, ta ƙasa da ta sama, 8 na jera bulo, 9 na shafe ciki da waje, 7 na daɓe. Da na bulo, buhu 55 mai kilo 50. Mai shagon ya bar mini a 3,500, ko na Malbaza ko wanda ke shigowa daga Najeriya, duk wanda ya samu. Ba za mu kwashe shi gaba ɗaya ba, don siminti in ya daɗe a ajiye dunƙulewa yake.

Ruwa kuwa, kai ma ka san Damagaram. Gari ne a kan dutse, famfonmu sai tsakar dare yake zuwa, in ya ga dama. Na sa tano 40 mai lita 200, a 750 kowane daga masu garuwa. Wannan farashin na yanzu ne. In muka kai watan Afrilu ba mu gama ba, ba zan yi mamaki ba in ya ninka, kuma a zafin nan bulo kan bushe kafin ya sha ruwan da zai ƙarfafa shi. Shi ya sa nake matsa maka a buga bulon cikin sanyin nan. Na aro tano biyu wajen maƙwabta, duk daren da famfo ya zo yara su cika, abin da ya ragu ribarmu ce.

Ga jimlar kowane kashi:

Siminti buhu 55: 192,500
Rodi mai lamba 8 sanda 15 a 2,500, mai lamba 6 sanda 10 a 1,500, da wayar ɗauri 2,500: 55,000
Yashi mota biyu 50,000, tsakuwa ƙaramar mota 30,000, jar ƙasar ciko amalanke goma 10,000: 90,000
Ruwa: 30,000
Kwano falle 14 a 4,000, babban ƙarfen tsakiya 25,000, ƙananan ƙarafa biyar 25,000, ƙugiyoyi 6,000: 112,000
Ƙofar ƙarfe 45,000, taga 20,000: 65,000
Magini da leburorinsa 120,000, mai ɗaurin rodi 15,000, mai bugun bulo 15,000, hayar katakon zuba kankare 10,000: 160,000
Dakon kaya: 16,000

Duka 720,500. Na ƙara kashi goma cikin ɗari, wato 72,000, don abin da ba a rasa ba, ya zama 792,500. Ka riƙe jika 800 a ranka.

Kan rufi, na zaɓi ƙarfe maimakon katako saboda gara. Ka ga abin da ta yi wa azarar ɗakin girki.

Da magini jinga muka yi, ba kuɗin yini ba. Ya fara da 150,000, muka tsaya a 120,000, haƙar tushe a ciki, abincin rana a kanmu. Rabi zai karɓa kashi-kashi har gini ya kai ɗamarar sama, sauran rabin sai ya gama rufi da shafe da daɓe. Ya nemi a ba shi 80,000 tun farko, na ƙi. Mutumin kirki ne, amma yana da wani aikin a Karkada, kuma magini in kuɗinsa ya shige aljihu, ƙafarsa can take karkata inda ba a biya ba tukuna. Za mu rubuta takarda a gaban Kawu.

Dakon ya yi kama da kaɗan don kuɗin yashi da tsakuwa har da kawowa. Sai dai babbar mota ba ta shiga lungunmu, a bakin hanya za ta juye. Ban sa kuɗin kwasowa ba, ni da yaran gida za mu yi da baro ranar da ba makaranta. Siminti 150 ne kowane buhu, lodi da saukewa da amalanke, 8,250 ke nan. Ragowar 7,750 na rodi da kwano da ƙofa ne. Rodi tsawonsa mita 12, sai an lanƙwasa shi biyu kafin ya hau amalanke, kuma mai amalanken kan ƙara kuɗi a kansa.

Ba sai ka aiko duka lokaci guda ba. Kashin farko 124,250: siminti buhu 20, yashi mota ɗaya, mai bugu, ruwa tano 15 da dako. Na biyu 288,750, daga tushe har ɗamarar sama. Na uku 307,500, rufi da ƙofa da taga da shafe da daɓe. Rarar 72,000 ta zauna a hannunka, in wani abu ya taso in kira ka. In tana nan gida, ka san halin biki da suna.

Abin da ban sa ba: silin, wayar lantarki da fenti. Fenti zai iya jira. Silin ne nake tunani, don ɗakin kwano ba silin a watan Mayu ba wurin tsohuwa ba ne. In kuɗi bai kai ba, zan sa a shimfiɗa zana a ƙarƙashin kwanon kafin mu samu hali.

Farashin siminti da rodi mai shagon ya ce zai riƙe mana shi sati biyu kawai. In kashin farko ya iso kafin Juma'a, ran Asabar za a juye yashi, Litinin mai bugu ya fara. Zan riƙa ɗaukar hoton kowace takardar saye ina tura maka.

Ka gaida mutanen gidan. Allah ya ƙara buɗi.

Ƙaninka.