Barka da Sallah, Yaya Sani

Katsina, daren Sallah ƙarama, 1446

Assalamu alaikum, Yaya. Barka da shan ruwa na ƙarshe, barka kuma da Sallah. Ɗazu aka ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi cewa an ga wata, gobe Lahadi 1 ga Shawwal. Azumi ya tsaya a 29. Taƙabbalallahu minna wa minkum. Allah Ya karɓi ibadarka, Ya sa kana cikin bayin da aka 'yanta a wannan wata.

Na san kafin asuba wayarka za ta cika da hotunan masallaci da jinjirin wata, kowa ya turo abin da aka turo masa. Ba laifi, duk gaisuwa ce. Amma kai ba zan gaishe ka da kalmomin wani ba, domin akwai maganar da na riƙe tun goman farko, kuma yau ne ya dace in faɗa maka ita.

Bari in fara da Inna, don na san ita za ka fara tambaya. Lafiyarta ƙalau, ƙafar ma ta yi sauƙi. Ba ta sha azumi ko ɗaya ba duk da zafin bana, wanda tun daga tsakiyar wata ake gasuwa, ruwan randa ma kafin la'asar ya yi ɗumi. Ku can Fatakwal an ce har ruwa ya sauka. Kullum idan na dama kunun tsamiya sai ta ce in rage sukari, wai haka ake sha a gidan nan. Ni kuwa na san wanda yake shan kununsa da tsami sosai. Ka san ta da alkunyar ɗan fari, har yau ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai ta ce “yayanku” ko “na Kudu”. To, daren 27 na tashi tahajjud na iske ta a kan darduma tana addu'a a hankali, ta jero mu ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kanka sai ta daɗe ƙwarai, ta ce Allah Ya yi maka yadda ka yi mata. Ba za ta taɓa gaya maka ba, kuma ba za ta so in gaya maka ba. Ni dai na ga bai kamata ka yi Sallah ba ka sani ba.

Wannan ce Sallarmu ta farko babu Baba, Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Da aka ga watan azumi gabana ya faɗi, ina tunanin yadda gidan zai kasance. Sai ga buhun gero da na shinkafa da sukari sun iso tun kafin mu buɗe baki. Kuɗin makarantar Abba ka biya. Shaddar yara ta zo da wuri, tela ya gama ɗinki ba a yi ta zarya ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙosai da kunun sadaka da Baba yake fitarwa ƙofar gida kowace yamma. Ba wanda ya tuna maka, kai ka kira ka ce kada a fasa ko kwana ɗaya. Almajirai da masu garuwa sun zo kamar yadda suka saba, wani dattijo ma da ya karɓi kofinsa sai da ya tsaya ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Na san albashinka, Yaya, na kuma san kana da naka iyalin da kuɗin haya. Na san abin da ka hana kanka kafin ka yi wannan. Allah Ya saka maka da gidan Aljanna, Ya ba ka 'ya'yan da za su ji ƙanka.

Don haka kada ka sa wa ranka damuwa cewa ba ka zo ba. An ce zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma wanda aiki ya riƙe wa ƙafa kuma hannunsa bai janye ba, ba mai cewa ya yanke zumunci. Kawu ma haka ya faɗa da aka yi maganar.

Zakkar kono mun fitar tun da yamma, gero, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, har da jaririn Maryam. Inna da kanta ta auna da ɗan mudun nan na Baba, aka kai gidaje uku da ke bayanmu. Kai ma idan ba ka fitar da taku ba, ka hanzarta kafin a tafi Idi.

Gidan yanzu ba masaka tsinke. Ana gyaran kaji, an jiƙa shinkafar waina, 'yan mata sun baje a tsakar gida hannuwa a sama suna jiran lalle ya kama. Abba ya gwada hularsa ya kwana da ita a kai tun jiya. Shi ne zai tafi Idi da dardumar Baba, kuma ya ce in an sauko ba zai dawo gida ba sai ya ga hawa a Ƙofar Soro, ya ga Mai Martaba Sarkin Katsina Abdulmumini Kabir Usman a ƙarƙashin laima, hakimai suna jafi, 'yan bindiga suna ta harbi. Na ce masa kai ne kake ɗora ni a wuya a filin nan don in hango 'yan lifidi, ina jin ƙarar bindiga ina ƙanƙame maka kai. Jibi kuma Hawan Bariki. Zan sa ya ɗauko maka hotuna, har da Gobarau idan sun bi ta can, ka nuna wa su Ummi garin ubansu.

Yaya, ina roƙon Allah Ya karɓi azuminka da ka yi a bakin aiki, da sahur ɗin da ka ci a gurguje, da ashamin da ka tsaya da gajiya a jikinka. Ya tsare ka a hanya da wurin aiki, Ya buɗa maka ta inda ba ka zato, Ya raba ka da bashi da ciwo. Ya zaunar da kai da Anti Bilki lafiya, Ya shirya Ummi da Khalifa. Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya kawo wa jiharmu zaman lafiya, mutanen ƙauyukanmu su koma gonakinsu kafin damina. Duk abin da ke tsakaninmu, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini, ni ma na yafe har ga Allah.

Na ba direban da ya tashi shekaranjiya saƙonku: dambun nama, kuka, daddawa, da tsamiya mai yawa don sitta Shawwal. Ka kira gobe bayan an sauko daga Idi, kafin baƙi su cika gida, Inna za ta zauna kusa da waya. Ka ba yara su gaishe ta tukuna. Goron Sallata kuma ban yafe shi ba.

Allah Ya maimaita mana, Ya sa baɗi da kai za a yi a gida.

Ƙanwarka,
Hadiza