Bayanin zanen fuskar zauren gidanmu na Bagalam

Salam Yaya, ina kwana, ya Damagaram da sanyi. Ga bayanin da maginin ya ce a rubuto mishi, don Allah ka karanta mishi a hankali kar ka tsallake ko layi guda, don hotunan da na turo ba su nuna zurfi ba, a hoto komi ya kwanta kamar fenti ne alhali abin da hannu ake jin shi. Jiya ni da Baba ƙarami munka ɗauko tsani da metir munka auna.

Fuskar zauren kudu take kallo. In na ce dama ko hagu to na wanda ke tsaye a titi ne yana kallon ƙofa, wato dama ita ce gabas. Faɗi metir 4 da santi 20, tsawo daga dakali zuwa rawanin soro metir 3 da santi 80, sai zanko huɗu a bisa, biyu a kusurwa, biyu kuma saitin ƙofa, kowane santi 60. Ginin tubali ne, yaɓen jar ƙasa, an bi shi da makuba shi ya sa launin ya yi duhu kamar goron da anka tauna.

Aiki iri biyu ne a jikin bangon kuma nan ne nake tsoron a rikice. Akwai wanda anka ɗora, akwai wanda anka yanka.

Na ɗorawa shi ne dagin da ke bisa ƙofa, tsakiya cif. Santi 70 ne tsaye, 70 kwance. An mulmula ƙasa kamar igiya mai kaurin santi 5 anka manna, ta taso daga bango santi 4, bayanta a zagaye yake ba kaifi ko kaɗan, har yanzu in ka shafa ta ƙasa inda ruwa bai kai ba kana jin sawun babban yatsan wanda ya yi. Kunnuwa huɗu gare shi, sama ƙasa dama hagu, kuma abin da nake so maginin shi lura da shi sosai shi ne inda igiyar ke gittawa, in ta hau bisa ƴar'uwarta a nan to a mahaɗa ta gaba sai ta shige ƙarƙashi, haka har ta koma inda ta faro, na bi ta da yatsa sau uku ban samu baki ba. A wurin hawan tudun ya kai santi 6. In anka shafe mahaɗun nan sunka zama daidai to wallahi ba dagin Kaka ba ne kuma.

A dama da dagin akwai takobi a tsaye tsini ƙasa, santi 85, hagu kuma allo da marikinshi, santi 50, duk na ɗorawa ne amma su samansu a shafe yake ba zagaye ba, tudun santi 3.

Na yanka kuwa shi ne ɗamarar da ta kewaye ƙofa, dama da hagu da bisa, faɗinta santi 30. Nan an yi yaɓe mai kauri ne tun yana ɗanye anka bi da wuƙa anka kwashe ƙasa, don haka zanen daidai yake da fuskar bango, ramin ne ya shiga ciki santi 1 da rabi. Yankan a karkace yake, baki ya fi gindi faɗi. Masu kusurwa uku ne a jere suna cizon juna kamar haƙoran zarto, guda sama guda ƙasa, na ƙirga 14 a hagu, 9 a bisa. Cikin ramin akwai ragowar farar ƙasa, bisan tudun babu. Da hantsi in rana ta bugo ta gefe inuwa na cika ramukan sai ɗamarar ta fito kamar aikin wuyan babbar riga, da azahar kuwa da ƙyar ka gan ta.

Ɓarnar duk ta dama ce, inda ruwan gabas ke duka. Zankon kusurwa ya faɗi tun damina, indararon wajen ya tsage ruwa ya riƙa bin bango, ya cinye marikin takobi da kunnen dagi na dama, rabinshi ya tafi amma sawun gindin na nan a bango ana iya bi. A ɗamarar dama 8 kaɗai sunka rage daga ƙasa, na sama 6 sun zube. Akwai kuma facin siminti faɗin tafi biyu kusa da dakali da anka yi da daɗewa, ya ɗago, in ka ƙwanƙwasa yana ƙara kamar ƙwarya, ƙasar bayanshi ta zama gari.

Hajiya ta ce in gaya maka kar a ƙara komi, ko tauraro ko fenti mai launi, abin da ke hagu shi za a duba a maida dama. Ka tambaye shi ko za shi zo da makubarshi ko mu nemi ɓawon ɗorawa a nan kasuwa mu jiƙa kafin shi iso.